Bidiyon Minti Ɗaya na Kiran Iyaye: Me Za Mu Faɗa a Cikinsa?

TAMBAYA

Ni ce mataimakiyar shugabar wata ƙaramar makarantar kuɗi ta nazare da firamare a nan Kano. Yaranmu 180 ne, azuzuwa tara. Mai makarantar ta ce in rubuta abin da za a faɗa a bidiyon ɗaukar sababbin ɗalibai, wanda za mu tura a WhatsApp kafin a koma karatu a watan Satumba. Na kalli na manyan makarantu, na ga benaye da motocin ɗaukar yara da ɗakunan kwamfuta, mu kuwa ba mu da ko ɗaya. Ga abin da na rubuta: "Makarantarmu ta fi kowace a faɗin jiha. Muna da ƙwararrun malamai, ingantaccen ilimi, da tsaro ɗari bisa ɗari. Ku hanzarta, guraben sun kusa cika." Amma duk lokacin da na karanta sai in ji zuciyata ba ta kwanta ba, kamar ina yi wa iyaye ƙarya. Abin da muke da shi bai taka kara ya karya ba: ajinmu ba ya wuce yara 25, ba ma ba da yaro sai da katin ɗauka, kuma duk Alhamis yara suna komawa gida da littattafansu an duba. Shin wannan zai isa a yi talla da shi? Yaya zan rubuta abin da zai kwantar wa iyaye hankali?

Malama Binta, Kano

AMSA

Malama Binta, Allah ya yi wa aikinku albarka. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya: ko ɗan abin da kuke da shi ya isa a nuna wa iyaye, da kuma yadda za ki tsara maganar ta sanyaya musu rai ba tare da kin faɗi abin da za ki ji kunyarsa daga baya ba.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Rashin natsuwar da kike ji idan kin karanta rubutun nan ba rashin iya aiki ba ne. Kunnenki ne yake jin abin da kunnen uwa zai ji. Kuma abubuwa ukun da kika jera a ƙarshen wasiƙarki, waɗanda kika ce ba su taka kara sun karya ba, su ne bidiyon. Kin riga kin rubuta rabinsa.

Mu fara da wanda zai kalla. Yawanci uwa ce, wata ƙawa ko 'yar'uwa ta turo mata, ta buɗe tana tsakiyar wani aikin. Ko uba ne a shago, ya rage ƙarar waya saboda mutane. Wanda ke neman makarantar bene da mota ya san inda suke, kuma ya san kuɗinsu. Wanda zai zo wurinku yana zaune ne a unguwarku ko ta kusa da ku, ya sha wucewa ta ƙofarku, ya san girman gininku. Idan kika ce masa kun fi kowace makaranta a jihar Kano, a take zai gane ƙawa ce ta baki, daga nan kuma duk abin da ya biyo baya sai ya rage masa daraja, har da wanda yake gaskiya ne.

Uwar da ke shirin sa ɗanta mai shekara uku ko huɗu a makaranta tana da tambayoyin da ba za ta yi miki a ofis ba, saboda kunya ko tsoron a ce ta cika fitina. Wa zai riƙe shi idan na juya baya? Idan an tashi ban iso ba, wa za a ba shi? Idan ya yi kuka ko zazzaɓi ya rufe shi, za a lura? Zai iya karatu kuwa, ko kuɗi kawai zan riƙa zubawa? Bayan na biya, me kuma za a sake nema a tsakiyar zango? Rubutun da ke kwantar da hankali shi ne wanda ya amsa waɗannan tun ba a yi su ba. Kalmomi irin su "ingantacce" da "ƙwararru" ba sa amsa ko ɗaya, domin babu makarantar da ba ta faɗar su.

Bari in ɗan daɗe a kan "tsaro ɗari bisa ɗari", domin ita ce jimlar da na fi so ki cire. Iyayen Kano ba su manta abin da ya faru a farkon shekarar 2022 ba, lokacin da aka gano cewa mai wata makarantar kuɗi ne ya sace ɗalibarsa 'yar shekara biyar, ta rasa ranta a hannunsa, har gwamnatin jiha ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Kalmar tsaro tana taɓa wannan mikin. Da zarar kin furta ta, kin tuna wa uwa abin da take tsoro, sannan kin yi mata alkawarin da ta san ba ya hannun ɗan Adam. Kamar direba ne ya juyo tun mota ba ta bar tasha ba ya ce wa fasinjoji shi ba ya hatsari. Babu wanda hankalinsa zai kwanta, wasu ma a lokacin za su fara salati. Abin da ya fi shi ne ki faɗi abin da kuke yi da hannunku kullum, wato maganar katin nan, ki bar uwa ta yanke hukunci da kanta. Kada ki ambaci wani mummunan abu da ya taɓa faruwa a ko'ina, ko da da niyyar cewa ku kun sha bamban.

Haka ma "ku hanzarta, guraben sun kusa cika". Jimlar tana sa gaggawa, gaggawa kuwa kishiyar abin da kike nema ce. In da gaske gurbi ya yi ƙaranci a wani aji, ki faɗi adadin a rubuce a ƙasan bidiyon lokacin turawa, misali saura gurbi shida a nazare ɗaya. In ba haka ba ne, iyaye za su zo a mako na uku da komawa su tarar ana ɗauka hannu bibbiyu, kuma za su tuna.

Ga ma'aunin da za ki riƙa gwada kowace jimla da shi. Ki tambayi kanki: idan uwa ta zo ranar Talata ba tare da ta sanar ba, za ta iya ganin wannan da idonta, ko ta tambayi wata uwar ta tabbatar mata? "Ajinmu ba ya wuce yara 25" ta ci wannan jarrabawa, domin ana iya leƙawa a ƙirga. "Ƙwararrun malamai" ba ta ci ba. In kina son maganar malamai ta shiga, ki mayar da ita abin da ake iya dubawa, kamar a ce duk malaman firamarenku suna da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, ko a ce suna da rajistar TRCN. Amma sai in duka ne. In bakwai ne daga cikin goma, ko dai ki faɗi hakan, ko ki bar maganar gaba ɗaya.

Yanzu tsawo. Ki tsaya a minti ɗaya. Yana shiga status na WhatsApp ba sai an yanka shi biyu ba, ba ya cin data da yawa, kuma mai kallo zai iya jurewa har ƙarshe. Mai magana a natse yana furta kalma biyu da ɗan ɗoriya a sakan guda, saboda haka minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalma 120 zuwa 130. Wannan ƙanƙanen wuri ne ƙwarai. Ba zai ɗauki tarihin kafa makaranta da sunan mai ita da jerin darussa ba. Idan kin gama rubutu, ki ajiye agogon waya ki karanta da ƙarfi, a hankali, yadda za ki yi wa surukarki magana. In kin wuce sakan 55, ki rage kalmomi, kada ki ƙara sauri. Saurin baki shi kansa yana tayar da hankali, ko da kalmomin masu daɗi ne.

Ki raba takarda gida biyu. A hagu ki rubuta abin da ido zai gani, a dama abin da kunne zai ji. Ga yadda zan tsara naku, kashi shida, kowane kimanin sakan tara ko goma.

Na farko ƙofar makaranta ce da safe. Ana ganin malama ta ɗan rusuna ta karɓi hannun yaro daga hannun babba, jakarsa tana lilo a bayansa. Murya ta ce: "Assalamu alaikum iyaye. Da kun sauke yaro a ƙofarmu da safe, akwai malamar da ke jiran sa, kuma ta san sunansa." Ki lura ban fara da sunan makaranta ko tambari mai juyawa ba. Sakannin farko su ne mai kallo ke yanke shawarar tsayawa ko wucewa, kada a kashe su a kan tambari. Sunan zai iya zama a rubuce a wani lungu na sama tun daga farko har ƙarshe. Na fara da lokacin rabuwa ne domin shi ya fi yi wa uwa nauyi. Wannan jimlar tana ɗora muku aiki, sai an samu malamar da ke tsayawa a ƙofa kullum. In babu, ku fara sa ta tun kafin a ɗauki hoton.

Na biyu lokacin tashi ne. A matso da waya kusa da hannu biyu, ɗaya yana miƙa kati, ɗaya yana karɓa. Murya: "Idan an tashi, ba ma miƙa yaro sai ga mai katin ɗauka. In aike aka yi, sai mun kira ku tukuna." Jimla ta biyu tana da muhimmanci, domin kowace uwa ta san akwai ranar da za ta aiko ƙaninta ko mai adaidaita sahu, kuma tana son sanin abin da zai faru a ranar. A nuna bayan katin ko a rufe rubutunsa da yatsa. Bai kamata a ga fasalinsa sosai har wani ya iya buga irinsa ba.

Na uku cikin aji ne. A tsaya daga baya, a ga bayan kawunan yara da malama a gaban allo, yadda mai kallo zai iya ƙirga kujerun in ya so. Sai a koma kan littafi a buɗe, da jan biron malama a kai, an gyara wa yaro wani harafi. Murya: "Ajinmu ba ya wuce yara ashirin da biyar. Duk Alhamis yaro zai dawo da littafinsa, malama ta duba ta sa hannu." Ki zaɓi littafi na gaske, mai ɗan lanƙwasar gefe da gogen kuskure. Sabon littafin da aka rubuta domin hoto ana gane shi. A nan kika amsa tambayar karatu ba tare da kin yi alkawarin cewa kowane yaro zai zo na ɗaya ba, kin nuna wa iyaye hanyar da za su bi su gani da kansu kowane mako.

Na huɗu ban gan shi a wasiƙarki ba, ni na ƙara, don haka sai kin tabbatar haka kuke yi kafin ki sa shi. Hoton malama ce tana taɓa goshin yaro da bayan hannu, sannan ta ɗauki waya. Murya: "Idan jikinsa ya yi zafi, za mu kira ku nan take. Ba ma ba shi magani sai da izininku." Lokacin komawa makaranta a Satumba ƙarshen damina ne, zazzaɓin cizon sauro yana yawo a gidaje, maganar za ta faɗa inda ake buƙatarta. Kada ki ce kuna da asibiti ko ma'aikaciyar jinya in akwatin taimakon gaggawa ne kawai a ofishin shugaba.

Na biyar kuɗi ne. Hoton takarda ɗaya a kan tebur, hannu yana tura ta gaba. Murya: "Kuɗin zango da na littattafai da na yunifom duk suna takarda ɗaya. Za ku gan ta kafin ku biya ko kwabo." Zan dawo kan wannan.

Na shida gayyata ce. A nan fuskar mai maganar za ta fito, tana kallon waya kai tsaye. Ta ce: "Ku zo ranar karatu, ku leƙa aji, ku tambaye mu. Muna karɓar iyaye Litinin zuwa Alhamis, tara zuwa sha biyu." Sai allo ya tsaya cak na sakan biyar da sunan makaranta da kwatancen unguwa da lambar waya ɗaya tak, da manyan baƙaƙe. Ki guji cewa ƙofarku a buɗe take koyaushe. Karamci ake nufi da ita, amma ga uwar da kika gama gaya wa ba a shiga a ɗauki yaro haka kawai, maganar ta ci karo da ta baya. Faɗin ranaku da awanni yana nuna akwai tsari. Gayyatar zuwa ranar karatu kuma ita ce mafi ƙarfin abin da ke cikin bidiyon, domin mai abin ɓoyewa ba ya cewa a zo a leƙa. Gani ya kori ji.

In kika haɗa maganar duka ba ta kai kalma 130 ba. Babu inda aka ce kun fi wani, kuma babu jimlar da za ki sunkuyar da kai in wata uwa ta maimaita miki ita a watan Nuwamba.

Mu koma kan kuɗi, domin na san a nan za ku yi ja-in-ja da mai makarantar. Wasu masu makarantu suna tsoron a ambaci kuɗi ko kaɗan, wai zai kori mutane. A ganina shirun ya fi kora. Uban da bai ji komai ba yakan ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ya ƙi zuwa don kada ya ji kunya a gaban malamai. Amma kuma ban ba ki shawarar a furta adadin da baki a cikin bidiyon ba. Bidiyo ba ya mutuwa a wayoyin mutane. Wanda kuka yi bana zai dawo baɗi daga wata wayar, bayan farashin komai ya canza, wani uba ya zo da shi yana cewa kun yi masa ƙari a ɓoye. Ki sa adadin a rubutun da ke raka bidiyon, tare da shekarar karatun, ko a hoton takardar da za a tura daban. Abin da ke cikin bidiyon alkawari ne na cewa babu kuɗin da zai ɓullo daga baya. Shi ya sa kafin a ɗauka, ku zauna ku rubuta komai a takardar nan, har kuɗin jarrabawa da na taron iyaye da malamai da na bikin yaye ɗalibai, in kuna karɓa. In mai makarantar ba ta yarda ta ɗaure kanta da wannan ba, a cire kashi na biyar baki ɗaya. Gara a yi shiru da a faɗa a saɓa. In kuma kuna barin a biya kashi biyu ko uku, to wannan ya cancanci jimla guda, ki cire maganar magani ki sa ta.

Za ki ce ina tarbiyya, ina karatun Alƙur'ani, alhali su ne abin da iyaye da yawa a Kano ke fara tambaya. In kuna koyarwa, ki faɗe shi da irin wannan salon, wato ranaku nawa a mako, wane lokaci, namiji ko mace ke koyarwa. Kalmar tarbiyya ita kaɗai ta zama kamar "ingantacce", kowa yana faɗa. Sai dai minti ɗaya ba ya ɗaukar komai. In abin yana da yawa, ki yi masa nasa bidiyon na sakan talatin mako ɗaya bayan na farko. Maganar dukan yara ma haka. Iyaye suna son ji, amma kada a ce "ba ma duka" alhali akwai malamin da ke ajiye bulala a bayan allo. Yara suna komawa gida da labari.

Sai batun fuskokin yara, wanda ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo ake amfani da bayanan yaro, hoton fuska kuwa yana ciki. Ko babu doka, akwai gidajen da ba sa son 'yarsu ta fito a wayar kowa, akwai kuma waɗanda ke da dalilin da ba za su faɗa miki ba. Ki rubuta 'yar gajeriyar takarda da Hausa, ta faɗi inda za a sa bidiyon, uba ko uwa su sa hannu. Wanda bai dawo da takarda ba, ki ɗauka bai yarda ba. In kin duba tsarin da na ba ki, yawancinsa hannaye ne da bayan kai da littafi, yaro biyu kacal ake buƙatar fuskarsu. Kada sunan yaro ya fito a bangon littafi ko jikin jaka. Kada kuma a nuna inda katanga ta yi gajarta, ko ƙofar baya, ko a faɗi yawan masu gadi da lokacin da suke canji, domin ba iyaye kaɗai ke kallo ba.

Akwai kuma hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON. Ƙa'idarta ita ce a kai mata talla ta tantance kafin a fitar, har da wadda ake sawa a intanet. In za ku biya kuɗi a yaɗa bidiyon a Facebook ko a gidan talabijin, ku tuntuɓe ta tukuna. In kuna da shaidar rajista daga hukumar makarantu masu zaman kansu ta jiha, a rubuta hakan a allon ƙarshe. In takardar tana kan hanya, kada a rubuta an amince da ku.

Wa zai yi magana? Shugabar makaranta, ko ke da kanki, wato wadda iyaye za su tarar in sun zo. Ba sai an ɗauko mai muryar rediyo ba. Muryar talla tana sanar da kunne cewa ana son sayar masa da wani abu, muryar malama kuwa ko da ɗan rawa a cikinta an fi gaskata ta. Kuma a yi da Hausa. Na san ana ganin Turanci yana ƙara wa makaranta kwarjini, amma kakar da ke raka yaro da safe, wadda sau da yawa ita ke da ta cewa, da Hausa za ta ji. Ana iya sa gajeren rubutun Turanci a ƙasa, ko na Hausar ma, saboda masu kallo ba sauti.

Ɗaukar kanta ba ta buƙatar fiye da waya mai kyau. A riƙe ta a tsaye, a goge gilashin, a ɗauka da safe kafin rana ta yi ƙarfi, haske yana bayan mai ɗauka. Muryar a naɗe ta daban a ɗaki rufe, a kashe fanka da janareto, a ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga baki. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa haƙuri da sautin da ba sa ji. Kiɗa ba dole ba ne, wasu iyayen ma ba sa so. Hayaniyar yara can ƙasa-ƙasa ta wadatar.

Kafin ki tura wa duniya, ki nuna wa iyaye uku da ba ma'aikatanku ba, kowa shi kaɗai, sau ɗaya tak. Kada ki tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi don kada ki ji ba daɗi. Ki tambaye su me suka riƙe. In sun ce kati da yara 25 da littafin Alhamis, rubutun ya yi aikinsa. In sun ce yaran sun yi kyau amma ba su tuna komai ba, hoton ya danne maganar, a rage yawan canza hoto. In wata ta ce "to me ya faru ne kuke ta maganar kati?", alama ce an faɗe shi da muryar gargaɗi, a sake naɗa da sanyi, kamar ana faɗin abin da aka saba. In kuma sun tambaye ki ina makarantar take, allon ƙarshe ya yi saurin wucewa, ko kwatancen bai fito ba. A rubuta shi yadda 'yan unguwa ke faɗa, bayan masallacin kaza, layin kaza, ba lambar fuloti ba.

Ki fara turawa ga iyayen da ke tare da ku, makonni uku ko huɗu kafin a koma, ki roƙe su su miƙa wa wanda suka san yana nema. Bidiyon da ya zo daga hannun maƙwabciya yana zuwa da shaidarta. Sannan ki tara malamai da mai gadi su kalla tare, domin su ne za su cika abin da aka faɗa. Lambar da ke allon ƙarshe a ba wa mutum ɗaya da zai riƙa ɗagawa, ya san kuɗin kowane aji da ranar komawa da takardun da za a zo da su, kamar shaidar haihuwa da hotunan fasfo. A buga takardar kuɗin da yawa a ajiye a ofis tun ranar da aka fara turawa, domin wasu iyayen washegari za su zo.

Allah ya ba ku ɗalibai masu albarka, Malama Binta. Ki isar da gaisuwata ga Hajiya mai makaranta.